Idan Yaro Ya Kwanta Ciwo, Me Za Ki Rubuta Wa Makaranta?

Duk wadda ta zauna a ƙasar Funtua, ko Malumfashi, ko Bakori, ko Ƙafur, ta san yadda ajin makaranta yake komawa daga ƙarshen watan Satumba zuwa Nuwamba. Lokaci ne na karyar masara da yankan dawa da cirar waken soya da tsinkar auduga, kowane gida yana neman ƙarin hannu. Malami yakan shigo aji da safe ya tarar da benci uku ko huɗu babu kowa, kuma ba ya bukatar a faɗa masa dalili, domin ya riga ya yanke hukunci a ransa: namiji an tafi da shi gona, mace kuwa an ɗora mata talla ko an bar mata raino. Sau da yawa ma gaskiyarsa ce. To amma fa a daidai wannan lokaci ne zazzaɓin cizon sauro yake kan ganiyarsa a wajenmu, saboda ruwan da ya kwanta a kududdufai da fadamu bai gama bushewa ba. Ke nan benci biyu za su kasance babu kowa a rana ɗaya, mai ɗayan yana gona yana ɗaure dami, mai ɗayan yana kwance yana rawar ɗari, alhali a littafin kiran suna alama iri ɗaya za a yi musu. Benci ba ya magana. Idan ke uwa ba ki yi magana ba, zato ne zai yi magana a madadinki.

Wannan shi ya sa nake so mu tattauna a kan wani ɗan aiki da ba ya cin minti goma, wato wasiƙar imel da uwa ko uba za su aika wa makaranta su bayyana cewa ciwo ne ya hana yaro zuwa. Ra'ayina a kai shi ne, wannan wasiƙa ba ta neman gafara ba ce, domin ciwo ba laifi ba ne. Shaida ce da ake ajiyewa saboda ranar da za a bukace ta, kuma hanya ce ta nema wa yaro haƙƙinsa tun kafin ya salwanta.

Abin da yaro yake rasawa

Da yawa daga cikinmu muna ɗauka cewa karatun kwana uku ko huɗu kawai yaro ya rasa, idan ya warke zai ari littafin abokinsa ya kwafa. Akwai abu biyu da ba a kwafowa daga littafin aboki. Na farko shi ne kiran suna. A makarantun bokonmu ana cike littafin kiran suna ne kashi biyu, na safe da na rana, shi ya sa idan kika duba takardar sakamako ta ƙarshen zango za ki ga an rubuta sau nawa aka buɗe makaranta da sau nawa yaro ya halarta, kuma adadin ya ninka yawan kwanakin. A irin wannan lissafi, yaron da ya yi kwana huɗu a gida ya yi fashi sau takwas. Wanda zai karanta takardar nan gaba, ko sabuwar makaranta ce idan an yi muku canjin wurin aiki, adadi kawai zai gani, ba zai ga zazzaɓi ba.

Na biyu, wanda ya fi ciwo, shi ne gwajin da ake yi a tsakiyar zango. Makin ƙarshen zango ba daga jarrabawa kaɗai yake fitowa ba. Wasu makarantu suna ware maki 30 na gwaje-gwaje da aikin gida su bar 70 na jarrabawa, wasu kuma 40 da 60. A makarantar 'yata gwajin farko maki 15 ne, na biyu 15, aikin gida 10, jarrabawa 60. Ki ɗauka yarinya takan ci 12 a gwajin farko, kuma jimillarta takan kai 68. Idan ta rasa gwajin nan aka bar gurbin babu komai, ta dawo 56, ba don ta kasa ba, sai don sauro ya cije ta. Idan darasi uku ne abin ya shafa, matsayinta a aji ya riga ya zame, yarinyar da ta saba zuwa ta biyar sai ki ga ta koma ta goma sha wani abu, ta zo gida tana kuka, maigida kuma yana faɗa cewa ta fara wasa da karatu.

Na ga haka da idona a kan ɗan maƙwabciyata. Ya yi mako guda a kwance, uwar ta aiki ƙanensa ɗan aji uku na firamare ya faɗa wa malami. Yaro ya isa makaranta, wasa ya ɗauke masa hankali, saƙo ya tsaya a bakin ƙofa. Da ƙarshen zango ya zo aka ga gurbi uku babu maki, ta je ta yi bayani, aka ce da ita an riga an tattara sakamako an sa hannu, kuma babu wata takarda da ke nuna cewa an sanar da kowa. Ba ta yi ƙarya ba, su ma ba su yi ƙarya ba. Maganar baka ce kawai ba ta da sawu.

Yadda tawa ta kasance

A wani watan Oktoba, 'yata ta biyu, wadda a lokacin take aji biyu na ƙaramar sakandare a wata makarantar kuɗi a nan Funtua, ta kwana da zazzaɓi daren Litinin, jiki kamar garwashi, ga ciwon kai, ga amai sau ɗaya. Ƙannenta biyu suna karɓar maganin rigakafin zazzaɓin nan da ma'aikatan lafiya suke bi gida gida suna rabawa wata wata da damina, amma wannan rabo na yara ne daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Ɗan makaranta ya wuce wannan layi, shi ya sa za ki ga ƙananan suna ta guje-gujensu, babbar ce a kwance.

Da safiyar Talata muka je asibiti. Aka soki yatsarta aka ɗiga jini a ɗan kwalin gwaji, bayan kamar minti ashirin layi biyu suka fito, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Aka ba ta maganin nan na kwana uku da ake sha sau shida: ta sha na farko da azahar, na biyu bayan awa takwas, sannan safe da dare ranar Laraba da ranar Alhamis, kowanne bayan ta ci wani abu mai ɗan maiƙo ko ta sha madara. Ma'aikaciyar jinyar ta ja mini kunne cewa idan na ga jijjiga, ko tana amayar da duk abin da ta sha, ko barci mai nauyi da ba ta farkawa sosai, ko fitsari ya yi duhu, kada in jira gari ya waye.

Tun a kan bencin asibitin na yi lissafi. Magani zai ƙare daren Alhamis, Juma'a ta huta ta samu ƙarfi, Litinin ta koma. Kwana huɗu ke nan. Sai ta ɗago kai da ƙyar ta ce, "Umma, gobe fa muke gwajin lissafi da Turanci, jibi kimiyya." Ciwon bai dame ta kamar gwajin ba. Babansu yana gona wajen Bakori ana ta aikin masara, na buga masa waya na faɗa masa halin da ake ciki da abin da nake so in rubuta, ya ce in rubuta da sunanmu mu biyu, in sa har da lambarsa. Muna isa gida, kafin a tashi makaranta, na aika. Ga abin da na rubuta, na cire sunaye da kwanan wata kawai.

A gurbin da aka rubuta `Subject` na sa: Rashin zuwan Wance 'yar Wane, aji 2B, saboda rashin lafiya, daga Talata kaza ga Oktoba. A cikin wasiƙar kuma na ce:

"Assalamu alaikum, Malam Shugaban Makaranta. Da fatan an tashi lafiya, ya aiki. Ni ce mahaifiyar Wance 'yar Wane, ɗaliba a aji 2B na ƙaramar sakandare, mai lamba kaza. Ina sanar da ku cewa ba ta samu zuwa makaranta ba yau Talata saboda rashin lafiya. Mun kai ta asibiti da safen nan, gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne, kuma ta fara shan magani. Ba ciwo ne da 'yan ajinsu za su ɗauka daga gare ta ba. Muna sa ran za ta dawo ranar Litinin kaza ga wata, in Allah ya yarda, idan kuma an samu canji zan sake rubuto muku. Ta faɗa mini akwai gwajin lissafi da Turanci ranar Laraba, da na kimiyya ranar Alhamis. Ina roƙon a ba ta damar yin su bayan ta dawo, kuma a sanar da malaman darussan uku da malamar ajinsu. Zan aiko da takardar asibiti ranar da za ta dawo. Ga lambata da ta mahaifinta idan ana bukatar ƙarin bayani. Na gode, Allah ya saka da alheri."

Shi ke nan, ba ta kai rabin shafi ba. Da Hausa na rubuta, domin shugaban Bahaushe ne, kuma wasiƙar ba jarrabawar Turanci ba ce. Idan wanda zai karanta ba ya jin Hausa sosai, kamar yadda ake samu a wasu makarantun kuɗi na garin nan, sai ki sa babban ɗanki ko ƙanwarki su mayar miki da ita Turanci, amma ki tsaya a kansu kada su ƙara ko su rage.

Dalilin kowane layi

Na fara da cikakken suna da aji da lamba ne saboda mun san yadda sunayenmu suke. A aji ɗaya za ki samu masu suna ɗaya su huɗu, biyu daga ciki har sunan uba ɗaya. Kuma sunan da ke cikin rajistar makaranta za ki rubuta, ba lakabin gida ba. Mu a gida ba ma kiran ta da sunan yanka saboda sunan kakarta ne, amma makaranta ba ta san wannan ba. Idan alkunya ta hana ki furta sunan ɗan fari ko na maigida, to ki tuna rubutu ne, ba kira ba ne, ki daure ki rubuta shi daidai.

Na ambaci rana da kwanan wata, ban ce "yau" ko "jiya" kawai ba, domin mai karantawa zai iya buɗe wasiƙar bayan kwana biyu, lokacin da yau ɗinki ta zama shekaranjiyarsa. Na faɗi ranar dawowa, domin malami ya san ko ya ajiye mata takardar gwaji ne ko ya shirya wata sabuwa. Kada tsoron saɓa alkawari ya hana ki faɗin rana. Ki ce kuna sa rai, ki ƙara da cewa za ki sake rubutowa idan abin ya canza.

Layin da ya fi kowanne amfani shi ne na roƙo. Wasiƙar da ta tsaya a kan "ba ta da lafiya" za a karanta ta a ce Allah ya sawwaƙe, a rufe. Wadda ta ce ga gwaji uku, ga ranakunsu, ga abin da nake roƙo, ta bai wa shugaba aikin da zai iya yi a take, ya tura wa malamai uku. Kowa ya san mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shugaban da ke da ɗalibai ɗari biyar ba zai zauna ya binciko wane gwaji 'yarki za ta rasa ba, ke ce za ki tambaye ta ki rubuta.

Abin da ban sa ba shi ma da dalili. Ban ba da labarin daren da muka kwana ba barci ba, ban faɗi sau nawa ta yi amai ba, ban ambaci kuɗin magani ba, kuma ban haɗa da ƙorafin kuɗin makaranta ko na malamin da ya yi mata tsawa makon da ya wuce ba. Kowace magana da ranarta. Idan kika cusa buƙata biyu a wasiƙa ɗaya, wadda ta fi zafi za a amsa, a manta da ɗayar.

Ciwon da dole a faɗa, da wanda ake rufewa

A nan ne uwa take bukatar natsuwa. Tambaya ɗaya za ki yi wa kanki: shin akwai ɗan wata da zai cutu idan na yi shiru? Zazzaɓin cizon sauro ba a ɗaukarsa ta zama benci ɗaya, don haka ambatonsa kwantar da hankali ne kawai. Amma akwai cututtukan da ɓoye su zalunci ne ga sauran iyaye.

Ƙyanda ita ce ta farko. Mun gaji al'adar sakaya sunanta, mu ce baƙon dauro, mu rufe yaro a ɗaki, kada kowa ya ji. To ki sani, mai ƙyanda yana yaɗa ta tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, har zuwa kwana huɗu bayan fitowarsu. Ma'ana, ranar da kika ga ƙurajen, ya riga ya yi kwanaki yana tari a cikin 'yan ajinsu, kuma kowanne daga cikinsu zai koma gidan da wataƙila akwai jaririn da bai kai wata tara ba, wanda ba a yi masa allurar ƙyanda ba tukuna. Layi ɗaya daga gare ki zai sa makaranta ta faɗakar da iyaye. Ƙarambau kuwa, yaro ba ya komawa sai duk ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo, abin da yakan ɗauki kwana biyar zuwa mako guda. Hangum, kwana biyar daga ranar da kumburin ya fara. Amai da gudawa, a bari ya yi kwana biyu cur babu ko ɗaya. Sai mashaƙo, wanda ya yi ɓarna a jihohin Kano da Yobe da Katsina a 2023, kuma yara 'yan makaranta na cikin waɗanda ya fi kamawa. Shi wannan, likita ne kaɗai zai faɗi ranar komawa, kuma sanar da makaranta a ranar da aka gano shi wajibi ne, domin a duba waɗanda suka zauna kusa da yaron. A irin waɗannan, ki rubuta sunan ciwon ƙarara, da ranar da yaro ya zo makaranta ta ƙarshe.

Akwai kuma ciwon da ba ya yaɗuwa amma baki yana yaɗa shi. Amosanin jini, farfaɗiya, ciwon mara na 'yan mata masu tasowa, ko damuwar ƙwaƙwalwa. Mun san garuruwanmu, maganar da aka yi a kan yarinya tana aji biyu za a iya tono ta ranar da aka zo neman aurenta. Idan na kwana ɗaya ko biyu ne, ya isa ki ce rashin lafiya ce da ba ta yaɗuwa, kuma tana samun kulawa. Babu wanda kike bin bashin ƙarin bayani. Idan kuwa ciwo ne mai dawowa, kamar amosanin jini da yakan tashi da sanyin hunturu ko idan yaro ya yi ƙishirwa, to shiru zai cutar da shi, domin za a sa shi gudu a fili ko a tsayar da shi a rana saboda makara. A nan ki rubuta wa mutum biyu kawai, shugaba da malamar aji, ki faɗi abin da za su yi: a bar shi ya sha ruwa a aji, a bar shi ya sa rigar sanyi, kada a ba shi horo mai wahala, a kira wannan lamba da zarar ya ce ƙashi yana masa ciwo. Sannan ki rufe da cewa kina roƙon maganar ta tsaya tsakaninku. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Nijeriya a 2023 ta lissafa bayanin lafiyar mutum cikin bayanan da ake ba kulawa ta musamman, don haka roƙonki yana da madogara. Saboda wannan ne ma nake ganin bai dace a jefa irin wannan bayani a zauren wayar da iyaye ɗari biyu suke ciki ba.

Ki tabbata ta isa

Aikawa daban, isa daban. Mu da muke wannan yanki mun fi kowa sanin haka, domin a watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Funtua da Bakori da Malumfashi, aka yi watanni sai mutum ya yi tafiya kafin ya samu ya buga waya. An buɗe daga baya, amma har yau akwai unguwanni da ƙauyukan da sai an ɗaga waya sama ana neman sabis. Idan kika danna `Send` a irin wannan wuri, wasiƙar za ta iya maƙalewa a `Outbox` tana jiran sabis, ke kuwa kin ajiye waya kin koma kan majinyaci da zaton ta tafi. Ki buɗe `Sent` ki gan ta a can da idonki. Idan kuma bayan 'yan mintoci wani saƙo ya dawo miki mai ɗauke da `Address not found`, to kin yi kuskuren harafi a adireshin. Ki ɗauko shi daga takardar kuɗin makaranta ko takardar sakamako, ki kwafa harafi bayan harafi.

Ko ta isa ma, ba kowace makaranta ce take buɗe akwatinta kullum ba. Wata sai lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai. Don haka ni bayan na aika, na tura wa malamar ajinsu gajeren saƙon waya cewa Wance ba ta da lafiya, na aika wa shugaba imel, don Allah a duba. Saƙon waya shi ne mai sauri, imel shi ne mai sawu, domin yana ɗauke da rana da lokaci, ba ya ɓata idan waya ta lalace, kuma ana iya buga shi a takarda a sa a fayil ɗin yaro. Kafin la'asar malamar ta kira ni ta ce, "Maman Wance, mun gani, ya mai jiki? Ki ce mata ta kwantar da hankalinta, an ajiye mata takardunta." Wannan magana da na isar wa yarinyar ta sa ta yi barcin da ba ta yi ba tun daren jiya.

Saurin sanarwar yana da wani dalilin da iyayenmu ba su sani ba a zamaninsu. Tun daga watan Disambar 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, nan maƙwabtan Malumfashi, yaron da bai iso makaranta ba ya daina zama ƙaramar magana. Idan kin saba wa makaranta da sanarwa duk ranar da ɗanki ba zai zo ba, to ranar da ba su gan shi ba kuma ba su ji daga gare ki ba, za su san akwai abin tambaya, su kira ki da ƙarfe tara na safe, ba sai ƙarfe biyu da kika ga bai dawo ba.

Ranar komawa, da iyakar wasiƙa

Daren Lahadi na sake aika layi uku a ƙarƙashin wasiƙar farko, ta hanyar danna `Reply`, domin su zauna wuri ɗaya: ta samu sauƙi, gobe za ta dawo, ga hoton takardar asibiti, ina tunatarwa a kan gwaje-gwajen nan uku, kuma a ɗaga mata wasannin motsa jiki na wannan mako domin har yanzu ƙarfinta bai gama dawowa ba. Hoton na ɗauke shi da rana a wuri mai haske, suna da kwanan wata da hatimi suna fitowa sarai, asalin takardar kuma na riƙe ta a gida, na ba ta kwafi ta kai. Ki roƙi wannan takarda tun kina gaban likita, domin komawa neman ta bayan mako guda wani sabon layi ne. Idan ba ku je asibiti ba, a gida aka yi jinya, ki faɗi haka, kada ki nemo takardar da ba ta gaskiya ba. Ranar da aka gane, ba za a ƙara yarda da ta gaskiyar ba. Ta yi gwajin lissafi da Turanci ranar Talata, kimiyya ranar Laraba, gurbi bai zauna babu maki ba.

Mai ɗiya a makarantar kwana, kamar kwalejin 'yan mata ta tarayya da ke Bakori ko makamantanta, ita ma wasiƙar nan ce za ta rubuta idan ciwo ya kama yarinya ana gab da komawa hutu, sai dai ta aika kafin ranar komawar, ba bayanta ba, ta kuma faɗi maganin da yarinyar za ta zo da shi da lokutan shansa domin a sanar da mai kula da ɗakin shan magani.

Amma ki san iyakar abin da wasiƙa za ta iya. Gwajin aji da jarrabawar ƙarshen zango a hannun makaranta suke, za ta iya ɗagawa. Jarrabawar fita sakandare ta WAEC ko NECO ba a hannun shugaban makaranta take ba, rana ɗaya ake yin kowace takarda a ko'ina, kuma babu imel ɗin da zai dawo da wadda ta wuce. Idan ciwo ya zo a wannan lokaci, ba rubutu za ki zauna yi ba, waya za ki buga tun da asuba, maigida ko wani babba ya taka ya je, a ga ko akwai yadda za a yi yaron ya zauna ya rubuta idan likita ya yarda. Idan abin ya gagara, akwai zagayen da hukumomin biyu suke yi wa masu zaman kansu daga baya.

Daga ƙarshe, na san da yawa daga 'ya'yanmu suna makarantun da ba su da adireshin imel, kuma da yawa daga 'yan uwanmu ba su da babbar waya. Wannan bai rushe komai ba. Suna da aji, ranar farawa, irin ciwon gwargwadon bukata, ranar dawowa, da abin da ake roƙo, duk za su shiga fallen takarda ɗaya da aka yago daga littafi. A rubuta biyu, a ba babban mutum ya kai, malami ya sa hannu da kwanan wata a kan ɗaya a dawo miki da ita, ki sa a inda kike ajiye katin rigakafi. Ke kuma da Allah ya ba ilimin rubutu, idan kin shiga duba ɗan maƙwabciya, bayan kin yi sannu kin ajiye kunun da kika kawo, ki tambaye ta ko an sanar da makaranta. Idan ta ce ta aiki ƙanensa, ki nemi biro. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana zuri'a, amin.